Kada Ladabi Ya Zube A Hanyar Fassara

A Birnin Tudu da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, gidaje da dama suna da wani babba da ya daɗe a Legas ko Fatakwal, ko ma ƙasar waje. Wani a can aka haife shi, yana jin Hausa amma karatunta na ba shi wuya. Wani kuma matarsa ce ke karanta masa saƙo, ita ko ba Bahausa ba ce. Sai a rubuta magana da Hausa, a miƙa wa ɗalibin gidan, wataƙila mai karatu a kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara, a ce ya mayar da ita Turanci. A nan ake yin ɓarna ba a sani ba.

A ɗauka wani matashi mai noman shinkafa a fadamun Bakolori zai roƙi ƙanen mahaifinsa kuɗin taki. Ya rubuta: "Baffa, barka da yamma. Ya iyali, ya aiki? Baba na gaishe ku. Don Allah idan da hali, a taimaka mana da kuɗin taki. Allah ya ƙara girma."

Ladabin saƙon nan ba a "don Allah" kaɗai yake ba. Yaron ya ce "ku", bai ce "kai" ba. Ya ce "a taimaka", ya sakaya wanda zai yi aikin, don kada ya zama ya nuna Baffa da yatsa. Turancin yau ba shi da ta farkon, domin kalma ɗaya ce, "you", ake faɗa wa sarki da yaron goye. Ta biyun kuma ba ta shiga Turanci yadda take. Mai fassara kalma da kalma zai rubuta "Please help us with fertilizer money", kuma duk da roƙon da ke farkonta, jimlar ta fito da siffar umarni. Wanda kunnensa ya saba da Turanci zai ji kamar ana aikensa.

Maganin shi ne a gane inda Turanci ke ajiye nasa ladabin: a cikin tambaya. Roƙo sai a mayar da shi tambayar da ta bar wa babba ƙofar cewa a'a: "Would it be possible for you to help us with money for fertilizer?" Wannan ita ce ta ɗauki nauyin "idan da hali" da "a taimaka" gaba ɗaya. A guji "I want you to", ko da Hausar ta ce "ina so a". A kuma yi hattara da "kindly send", wadda samari ke ɗauka ƙarshen ladabi ce, alhali harshen ofis ne, irin wanda ake tunatar da mai jinkirin biyan bashi da shi.

Sunan dangantaka kuwa, a bar shi yadda yake. Baffa ya zauna Baffa, Kawu ya zauna Kawu, haka Gwaggo da Inna. Turanci ya haɗe ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa a kalma guda, ga shi Turawa kan liƙa mata sunan yanka a baya. Yaron da ko a bayan ido ba ya ambatar sunan Baffansa, kada fassara ta sa ya rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Akwai masu zarce gona da iri. Don tsoron raini sai su buɗe da "Dear Sir", su cika saƙon da ƙanƙan da kai irin na takardar neman aiki. A ganina wannan ma laifi ne, domin ya mayar da uba baƙo. Gaisuwar yamma da tambayar iyali da isar da gaisuwar Baba, a fassara su a sauƙaƙe, a bar su a gaban roƙo kamar yadda suke, kada a yanke su wai don Bature ba ya doguwar gaisuwa. Addu'a irin "ranka shi daɗe" da muke faɗa a nan Zamfara, ko "Allah ya ƙara girma", gara a bar ta da Hausa. Ko wanda Hausarsa ta yi rauni ya san ta. "Sannu da aiki" ce mai tarko: "well done" na wucewa a Turancin Nijeriya, amma ga wanda ya daɗe a Ingila, yabo ne da babba ke yi wa ƙarami.

Kafin a tura, a sa wani mai jin harsunan biyu, wanda bai ga saƙon farko ba, ya mayar da Turancin zuwa Hausa da baki. Idan ya ce "ka turo mana kuɗin taki", to ladabin ya zube, a sake rubutawa. Idan ya ce "ko zai yiwu a taimaka mana", a tura.