Tirazodon: Ƙarami Yana Sa Barci, Babba Yana Maganin Ciwon Damuwa

A shekarun 1960, masu bincike a kamfanin magunguna na Angelini da ke Italiya, ƙarƙashin jagorancin Bruno Silvestrini, suka haɗa wani sabon magani don ciwon damuwa mai tsanani, suka raɗa masa suna tirazodon. An sayar da shi a Italiya da sunan Trittico, kuma a 1981 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Desyrel. Sai dai likitoci ba su daɗe ba suka gano matsalarsa. Idan aka ba mutum yawan da zai yi maganin damuwar, da yawa sukan wuni suna gyangyaɗi, jiri yana ɗibar su. Da filoksetin da danginsa suka shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, sai aka karkata gare su.

Amma ba a yar da tirazodon ba. Wannan barcin da ya ɓata masa suna shi ya samar masa aiki na biyu. Likitoci suka koma rubuta shi kaɗan, a sha da dare, kuma yau yana cikin magungunan da aka fi rubutawa don rashin barci a Amurka, alhali hukumar can ba ta taɓa yi masa rajista don wannan aikin ba.

Bambancin yana cikin awo. Don barci akan ba da miligiram 25 zuwa 100, sau ɗaya kafin kwanciya. Don ciwon damuwa akan fara daga 150 a rana, a hau zuwa 300 ko 400, wanda aka kwantar a asibiti kuwa ana iya kai shi 600. Mai karatu zai iya zaton ƙaramin awon aiki ɗaya yake yi da babban, ƙarfinsa ne kawai ya ragu. A ƙwaƙwalwa abin ba haka yake ba.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai, kuma kowane sinadari yana da gurabe a jikin ƙwayar jijiya inda yake zama ya isar da saƙonsa. Tirazodon yana shiga wasu daga cikin gurabun nan ya tare su, amma ba da ƙarfi ɗaya yake kama su ba. Kamar ruwan sama ne a gona, wanda yake fara cika kwari kafin ya hau tudu. Gurbin da ya fi saurin kamawa shi ne na sinadarin sirotonin da ake kira 5-HT2A, wanda idan aka zuga shi yake sa ƙwaƙwalwa ta kasance a faɗake, ya kuma rage barci mai nauyi. Daga shi sai wani gurbin adirenalin mai suna alfa-1, sannan gurbin histamin mai suna H1. Duk wanda ya taɓa shan firiton saboda mura ko ƙaiƙayi ya ji idonsa yana rufewa, to ya san abin da toshe gurbin histamin yake haifarwa.

Waɗannan uku duk suna cikin hanyoyin da ke riƙe mutum a farke. Likitan ƙwaƙwalwa Stephen Stahl na Amurka, a wani bayani da ya wallafa a 2009, ya ƙiyasta cewa miligiram 10 kacal ya isa ya tare kusan dukkan gurabun 5-HT2A, kuma kafin a kai 50 an tare kaso mai yawa na sauran biyun. Ƙiyasi ne da aka gina a kan awon ɗakin bincike, amma ya dace da abin da likitoci ke gani a wurin majinyata. Ke nan ƙaramin awo yana rage ƙarfin abin da ke hana barci, sai barcin ya samu hanya. Gwaje-gwajen da aka yi da na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa sun nuna yana ƙara barci mai zurfi, yana kuma rage yawan farkawa cikin dare. Ta wannan fuskar ya bambanta da diyazifam da danginsa, waɗanda ke bi ta wata hanya dabam, suna rage barci mai zurfi, kuma jiki yana saurin sabawa da su har ya kasa rabuwa.

Tudun da ruwan ba ya kaiwa da wuri shi ne wani furotin da aikinsa kwashe sirotonin ya mayar da shi cikin ƙwayar jijiya bayan ya isar da saƙo. Wannan furotin ne filoksetin da satiralin suke hanawa aiki, kuma magani irin wannan sai ya tare mafi yawansa, dare da rana, na tsawon makonni, kafin damuwa ta fara sassautawa. Tirazodon yana kama shi da rauni ƙwarai idan aka kwatanta da yadda yake kama 5-HT2A. Shi ya sa miligiram 50 ba ya tare isasshensa, sai an kai 150 zuwa sama.

Akwai kuma batun lokaci. Bayan an sha, maganin yakan kai ƙololuwa a jini cikin kamar awa ɗaya idan ciki ba abinci, ko awa biyu idan an ci. Daga nan yana raguwa da sauri, rabinsa yakan fita cikin awa 5 zuwa 9. Ga mai neman barci wannan alheri ne, domin kafin gari ya waye ƙarfinsa ya ja baya. Ga mai ciwon damuwa kuwa cikas ne, saboda ana so maganin ya zauna a jini yini guda. Dole a raba shi kashi-kashi a rana, ko a tara mafi yawansa da dare, ko a yi amfani da nau'in da ke narkewa a hankali, wanda aka amince da shi a Amurka a 2010.

A ɗauki misalin mutum biyu. Na farko malamin makaranta ne da likita ya ɗora a kan filoksetin saboda ciwon damuwa. Zuciyarsa ta fara sanyi, amma yana farkawa ƙarfe biyun dare ya kasa komawa, wanda sananne ne a tasirin wannan magani. Likita ya ƙara masa tirazodon miligiram 50, ya ce ya sha kamar rabin awa kafin ya kwanta. A daren farko ko na biyu zai iya jin canji. A nan filoksetin ne ke maganin damuwar, tirazodon barci kawai yake gyarawa. Idan ya wayi gari kansa ya yi nauyi har hantsi, likita zai rage zuwa 25 ko ya matso da lokacin sha.

Ta biyu mace ce da ta je asibiti da kukan rashin barci kaɗai, ba ta ambaci cewa abinci ya fita ranta, ta daina zuwa biki da suna, tana kuka ba dalili ba. Aka ba ta miligiram 50, barci ya ɗan gyaru, 'yan uwa suka ce an samu sauƙi. Wata biyu bayan haka tana nan yadda take, ba walwala, ba sha'awar komai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tayar da hankali a sha'anin maganin nan, domin takardar da ke cikin kwali ta ce maganin damuwa ne, sai kowa ya ɗauka ana jinyar damuwar, alhali awon bai kai ba. Alamar ganewa ita ce barci ya dawo amma baƙin ciki da mutuwar jiki ba su gusa ba bayan makonni huɗu zuwa shida. Abin yi shi ne a koma wurin likita a faɗa masa komai, shi zai duba ko a ɗaga awon a hankali ko a sauya magani. Ita da kanta ba za ta ninka ƙwayar ba.

Gaskiya kuma ita ce hujjar amfaninsa ga mai rashin barci zalla ba ta kai yawan rubuta shi da ake yi ba. Babban gwajin da aka fi ambata an wallafa shi a 1998, inda James Walsh da abokan aikinsa suka kwatanta tirazodon miligiram 50 da zolfidem da kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, na tsawon mako biyu. A makon farko tirazodon ya fi ƙwayar banza, a mako na biyu kuwa bambancin ya dusashe. Saboda ƙarancin hujja irin wannan, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a dogara da shi wajen maganin rashin barci mai daɗewa. Abin da aka fi so a fara da shi shi ne horon gyara ɗabi'u da tunanin barci a hannun ƙwararre. Inda tirazodon ya fi samun gurbi shi ne wurin mai damuwa da barcinsa ya lalace, ko wanda ake gudun ba shi maganin da ke kama jiki.

Ƙaramin awo ma yana da illa, kuma daga gurabun nan take fitowa. Toshe alfa-1 yana saki jijiyoyin jini, don haka idan mutum ya miƙe zumbur jininsa yakan sauka ya ji jiri. Tsohon da ya tashi fitsari da tsakar dare, ko ya tashi alwalar asuba, zai iya faɗuwa ya karye, shi ya sa ake so ya zauna a bakin gado ɗan lokaci kafin ya miƙe. Wannan gurbin dai shi ke jawo wata illa da ba a cika samu ba amma mai haɗari ce ga maza, wato gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya, da zafi. Idan ta kai awa huɗu a garzaya asibiti, domin jinkiri yana iya kashe ƙarfin namiji har abada. Masu cutar sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, kuma a ƙasar Hausa ba su da kaɗan.

Hanta ce ke narkar da tirazodon, don haka wasu magunguna suna sauya ƙarfinsa. Ritonabir da ke cikin wasu magungunan cutar ƙanjamau yana tara shi a jini, har ƙaramin awo ya yi aikin babba. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazifin na farfaɗiya suna rage shi. Haɗa shi da tiramol yana iya sa sirotonin ya yi yawa, a ga rawar jiki da gumi da zazzaɓi da ruɗewa, giya kuwa tana ninka nauyin barcin. Yana iya taɓa bugun zuciya ga mai ciwon zuciya, kuma kamar sauran magungunan damuwa, akwai gargaɗin a sa ido kan 'yan ƙasa da shekara 25 saboda tunanin kashe kai a farkon sha.

Wanda aka rubuta wa tirazodon ya tambayi likita kai tsaye, don barci ne ko don damuwa, kuma miligiram nawa. Ya faɗa masa duk magungunan da yake sha, ya faɗa idan yana da sikila ko ciwon zuciya, kuma idan ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, sai an rage masa a hankali.