Abin da Goruba da Giginya Ke Faɗa Game da Ruwan Ƙasa

Itatuwan dangin dabino na cikin tsirran da suka fi saurin nuna yanayin wuri, domin ana gane su daga nesa, kuma kowanne da irin ruwan da yake buƙata. Kwakwar manja, mai dogon ganye kamar gashin tsuntsu, tana son zafi da laima da ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ba tare da dogon rani ba. Inda ta yi yawa a daji, kurmin kudu ne.

Giginya kuwa ganyenta faifai ne, gangar jikinta ɗaya tilo, da kumburi a sama da tsakiya. Itaciyar filin ciyawa ce mai damina da rani, amma sai inda ruwa ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, kamar Dallol Mauri a yankin Gaya. Goruba ta fi ta jure fari, kuma ba ta ɓoyuwa, don gangarta na rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Ta cika kwarin Gulbin Kaba a jihar Maraɗi. Dabino shi ya fi ruɗin mai kallo: a Bilma yana tsaye kore shar, alhali da ƙyar ake samun ruwan sama. Saiwarsa ce ke sha daga ƙasa, busasshiyar iska kuma ta nunar da 'ya'yansa.

Saboda haka itace ɗaya ba ya isa shaida. Goruba da giginya sun fi ba da labarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ciyawar da ke kewaye da su ita ke ba da labarin damina. Idan aka ga goruba a rairayi, ga aduwa jefi-jefi, ciyawar gajera ce, karangiya na maƙalewa a ƙafar wando, to Sahel ne, inda ruwan shekara ba kasafai yake wuce milimita 600 ba. Idan kuwa gamba ta fi mutum tsayi, ga kaɗanya da ɗorawa a gonaki, an gangaro kudu inda damina ta fi tsawo. Bushewar ciyawa ita kaɗai lokacin shekara take nunawa, domin filin da ya yi fari fat a watan Fabrairu shi ne kore a Agusta. Tsayin ciyawar da kaurinta ake dubawa.

Itatuwa masu ganye kamar allura suna nuna sanyi idan suka shimfiɗu daji guda, kamar a Kanada da Sibiriya, inda siffarsu mai tsini ke zubar da ƙanƙara. Amma akwai nau'insu na ƙasashe masu zafi, irin waɗanda aka dasa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna. Jeri a miƙe, tsayi ɗaya da tazara ɗaya, alamar hannun mutum ce, kuma dashe ba ya zama hujjar yanayi sai an duba abin da ya tsiro da kansa a gefen gandun.