Sa Rana da Lokaci a Saƙon Neman Aiki a Ofis

Idan ma'aikaci ya rubuta wa abokin aikinsa cewa yana son abu "da gaggawa" ko "da zarar an samu hali", bai ba shi wa'adi ba. Mai aikowa yana nufin yau, mai karɓa kuma ya ɗauka cikin makon nan ne, don haka sai ya fara da aikin da aka yanka masa rana. Ba sakaci ya yi ba, abin da aka ba shi ya bi.

Ana gano wa'adin gaskiya ne ta lissafi daga ƙarshe zuwa farko. A ɗauki akawun da ke shirya albashi, wanda za a biya ranar Juma'a 27 ga Maris. Dole takardu su isa banki ranar Alhamis, shi kuma yana buƙatar yinin Laraba don duba lissafi da samun sa hannun manaja. Ke nan jerin sunayen waɗanda suka yi ƙarin aiki ya kamata ya iso masa ranar Talata. Sai ya rubuta: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a turo min jerin sunayen zuwa ƙarfe 12 na rana, Talata 24 ga Maris, saboda ranar Alhamis za a kai wa banki. Idan hakan ba zai yiwu ba, don Allah a sanar da ni yau."

Wasu na jin nauyin yanka wa na gaba da su rana, suna ganin rashin ladabi ne. Faɗin dalili shi ke kawar da wannan nauyin, domin shugaban sashe zai ga banki ne ya matsa, ba akawu ba. Jimlar ƙarshe kuma ta ba shi damar neman ƙarin lokaci tun da sauran hali.

Haɗa sunan rana da kwanan wata yana da amfani, domin idan an yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona shi. A rubuta sunan wata da haruffa: 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. "Gobe" na rikicewa idan sai washegari aka buɗe saƙon, "bayan La'asar" kuma zai iya kaiwa har Magariba. Idan aiki ya haɗa ƙasashe, a faɗi agogon da ake nufi, don ƙarfe 12 a Kano ko Maraɗi ƙarfe 11 ne a Kumasi.

Wa'adin ƙarya kuwa ɓarna yake yi. Wanda ya ce Litinin alhali sai Alhamis yake buƙata, da zarar an ga takardar ta kwana uku a teburinsa ba a taɓa ba, ba za a sake ɗaukar ranarsa da muhimmanci ba.