Wasiƙar Mai Shagon Gwal: Dalilin da Farashi Ya Canza Sau Biyu a Mako Guda

A tsakiyar watan Oktoban 2025 masu sayar da gwal a ko'ina sun sha tambaya. Ranar Litinin 13 ga wata ana cinikin ozar zinariya ɗaya a kasuwar duniya a kan kimanin dala 4,100. Kafin ranar Juma'a ta haura dala 4,300, ranar Litinin ta gaba, 20 ga wata, ta taɓa kusan 4,380, farashin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Washegari Talata sai ta rikito da fiye da kashi biyar cikin ɗari a yini guda, faɗuwar da aka shafe sama da shekara goma ba a ga irinta ba. Duk wanda ke da shagon gwal a wannan mako, a Dubai yake ko a Kasuwar Rimi ta Kano, dole ya ɗaga farashi sannan ya sauke shi cikin 'yan kwanaki.

A ce wani mai ƙaramin shago a Kano ya ga ƙorafi ya yi yawa. Hajiyar da ke haɗa wa ɗanta lefe ta taya sarƙa da 'yan kunne ranar Laraba, ta dawo da kuɗi ranar Juma'a an ce mata an ƙara. Wata kuma ta saya ranar Litinin, ta ji labarin an rage ranar Laraba, tana ganin an cuce ta. Sai ya zauna ya rubuta wasiƙa ɗaya ya tura wa duk abokan cinikinsa ta waya. Ga yadda irin wannan wasiƙa za ta iya farawa:

"Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne don in yi muku bayanin abin da ya sa farashinmu ya canza sau biyu. Ranar Juma'a mun ɗaga giram ɗin gwal mai karat 21 daga naira 173,000 zuwa 183,600. Yau Laraba mun mayar da shi 173,000. Kuɗin aiki bai canza ba, ribarmu ma ba ta canza ba. Abin da ya motsa shi ne farashin zinariyar kanta, kuma ga lissafin a ƙasa don kowa ya duba da kansa."

Wannan lissafi da ya ce a duba shi ne ƙashin bayan wasiƙar, kuma ba ya buƙatar komai sai na'urar lissafi ta waya. A kasuwar duniya ana faɗin farashin zinariya da dalar Amurka a kan oza ɗaya, ozar zinariya kuwa giram 31.1 ce. Saboda haka idan oza tana dala 4,100, giram ɗaya na zinariya zalla ya kama kusan dala 132. Amma sarƙar da ke cikin gilashin shago ba zalla ba ce, domin zinariya zalla, wato karat 24, tana da taushi, tana lanƙwashewa, sai an gauraya ta da tagulla ko azurfa kafin ta jure sawa da cirewa. Gwal mai karat 21, irin wanda ake yawan kawowa daga Dubai da Saudiyya, kashi 875 cikin dubu ne zinariya, shi ya sa ake samun tambarin 875 a jikin maƙullin sarƙa. Mai karat 22 ana buga masa 916, mai karat 18 kuma 750. Idan aka ɗauki kashi 875 cikin dubu na dala 132, za a samu dala 115 da 'yan kai. A wancan lokaci dala tana dab da naira 1,500 a wajen 'yan canji, sai giram ya tashi a kan kusan naira 173,000. A sake wannan lissafi da oza a dala 4,350, za a samu kusan 183,600. Bambancin ya ɗan haura naira dubu goma a giram. Ga wanda ke sayen ƙaramin zobe wannan abin haƙuri ne. Ga Hajiyar lefe kuwa, da saitinta ya kai giram 20, ƙari ne na fiye da naira dubu ɗari biyu tsakanin Laraba da Juma'a, tun ba a ɗora kuɗin aiki ba.

A nan ne mai saye yakan kawo hujjarsa mafi ƙarfi: ai wannan sarƙa ta yi wata biyu a shagonka, tun farashi na ƙasa ka saro ta, me ya haɗa ta da abin da ya faru a Landan jiya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma wasiƙar da ta kauce mata ba ta yi aikinta ba. Amsar ita ce mai gwal da giram yake ƙirga jarinsa. Mu ce ranar Juma'a ya ji kunyar abokan ciniki ya sayar da giram 100 a tsohon farashi, ya karɓi naira miliyan 17.3. Ya ɗauki kuɗin ya tafi wurin dillali don ya cike gurbin abin da ya fita, ya tarar da giram a 183,600. Kuɗinsa giram 94 kacal za su saya masa. A littafinsa ya ci riba, tunda ya sayar sama da yadda ya saro wata biyu baya, amma a kan sikeli shagon ya ragu da giram shida. In ya yi irin wannan kara sau goma a shekarar da zinariya ta tashi daga wajen dala 2,600 a watan Janairu zuwa sama da 4,000 a Oktoba, zai wayi gari gilashinsa ya yi fayau. Masu gidan mai da masu sayar da shinkafa a buhu sun san wannan doka, sai dai kayansu ba sa canza farashi kowace daƙiƙa kamar zinariya. A Landan sau biyu a rana ake tsayar da farashin da manyan bankuna ke dogaro da shi, da safe da kuma ƙarfe uku na rana, tsakaninsu kuma ciniki ba ya tsayawa.

To amma dokar nan kaifi biyu gare ta, kuma a ganina a nan ake gane ɗan kasuwa na gari. Wanda ya ce farashin yau ne ke aiki lokacin da kasuwa ke hawa, dole ya yarda da farashin yau lokacin da take sauka, ko da kayan da ke hannunsa ranar Litinin ya saro su da tsada. Mai shagon da ya ɗaga ranar Juma'a da safe, sannan ranar Laraba ya ce sai tsohon kayansa sun ƙare kafin ya rage, ya ci da baki biyu. Don haka canji na biyu, wato ragin, shi ne shaidar gaskiyar canji na farko. Shagon da farashinsa ya canza sau ɗaya tak a wancan mako, ya hau bai sauko ba, shi ya fi cancanta a tuhuma.

Game da abin da ya tunzura kasuwar duniya, mai shago ba ya buƙatar dogon sharhi. Manyan bankunan ƙasashe sun sayi zinariya fiye da tan dubu a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Babban bankin Amurka ya rage kuɗin ruwa a Satumban 2025, gwamnatin ƙasar ta rufe wasu ayyukanta daga 1 ga Oktoba saboda rikicin kasafin kuɗi, ga kuma takaddamar haraji da China ta sake tashi. Masu kuɗi idan sun tsorata zinariya suke rugawa. Da farashi ya yi gudun da ya wuce kima, waɗanda suka saya tun farko suka fara sayarwa don kwashe riba, ita ce faɗuwar ranar Talata.

Mai gwal a Najeriya yana da ƙarin abin dubawa da takwaransa na Dubai ba shi da shi. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, ba ya motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take kai da komo. A Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko kusa da 1,100. A lissafinmu na sama, dala ta motsa da naira hamsin kawai a Wapa, giram ya motsa da kusan naira 5,800, ko da farashin Landan yana nan inda yake. Wani lokaci ma zinariya ta sauka a duniya amma naira ta faɗi, sai mai saye ya ji a rediyo an ce gwal ya yi sauƙi, ya zo shago ya tarar ya ƙara tsada. Wasiƙa mai kyau tana faɗin lambobin biyu, farashin oza da farashin dala, na ranar da aka canza.

Sauran rigimar tana wajen kafin alƙalami. Hajiya ta ajiye rabin kuɗi ranar Laraba, sauran sai Juma'a: wane farashi za a bi? Idan ba a rubuta komai ba, kowa zai ja wajen da ya fi masa daɗi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa cinikin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yinsa, a ba da kuɗi a karɓi kaya a zama ɗaya, kuma mako irin wannan yana nuna amfanin sharaɗin a fili. Mafita mafi sauƙi ita ce kuɗin da aka kawo yau ya sayi giram ɗinsa a farashin yau, a damƙa wa mai shi, abin da ya rage kuma a yi cinikinsa ranar da kuɗinsa ya samu. Mai shago na iya rufe wasiƙarsa da wannan:

"Hajiya da Alhaji, duk wanda ya biya cikakken kuɗi ya karɓi kayansa, ciniki ya faɗa, ko farashi ya hau ko ya sauka bayan haka. Daga yau za mu riƙa rubuta farashin giram a allo kowace safiya, kuma rasidinku zai nuna nauyi da karat da kuɗin aiki daban-daban. Allah ya bar zumunci."

Raba kuɗin aiki da kuɗin zinariya a rasidi yana da amfani fiye da yadda ake zato. Ladan maƙeri da kuɗin jigila da hayar shago ba sa canzawa cikin kwana biyar, saboda haka idan suka kumbura a makon da oza ta tashi, an fake da kasuwar duniya ne an ƙara riba. Kuma ranar da za a dawo da sarƙar a sayar, kuɗin aikin nan ba ya dawowa. Zinariyar kawai za a auna, a cire nauyin duwatsun ado, a biya a farashin da ya ɗan gaza na sayarwa.

Mai karatu, in za ka je sayen gwal na lefe ko na ajiya, ka duba farashin oza da na dala a safiyar ranar, ka yi lissafin nan tun a gida. A shago kuma ka nemi a nuna maka tambarin karat, a auna kayan a gabanka, a faɗa maka kuɗin aiki shi kaɗai kafin a haɗa jimilla.