Hoto Ba Ya Faɗin Sunansa: Yadda Ake Rubuta wa Ɗan'uwa na Nesa

A ce kana da baffa a Zangon Kumasi, rabonsa da gida shekara ashirin. Ka wanke hotunan Sallah za ka aika masa. Yaran da ya bari a goye yanzu sun yi aure, waɗanda aka haifa bayan tafiyarsa kuwa bai taɓa sa su a ido ba. Idan babu bayani, baƙin fuskoki kawai ka tura masa.

Fara da lamba. Kowane hoto a sa masa 1, 2, 3 a baya, kusa da gefe, da shekarar da aka ɗauke shi. Kada a danna biro, domin shatin rubutun yana fitowa ta fuskar hoton, tawadar da ba ta bushe ba kuma tana ɓata na ƙarƙashinsa. Dogon bayani a cikin wasiƙa yake zama.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, daga hagun mai kallo zuwa dama, na tsaye kafin na zaune. Ga misali:

"Hoto na 2, ƙofar gida, Babbar Sallar 2024. Na farko daga hagu, mai farar hula, Abba ne, ɗan ƙanenka Sani na fari. Sunansa na yanka Muhammadu, sunan Malam ya ci. Ta kusa da shi mai ɗauke da jariri matarsa ce."

Ka lura, an jingina kowa ga wanda baffa ya sani. A nan ne aka fi yin kuskure. A gida ɗaya ana iya samun A'isha uku, ga masu sunan iyaye da ake sakayawa da Ummi, Abba ko Uwani. Don haka a haɗa sunan yanka da wanda ake kira, a faɗi ɗan wane ne. Idan uwa ce ke faɗa kana rubutawa, alkunya za ta hana ta ambatar ɗanta na fari, sai kai ka cike gurbin.

In akwai wanda ya rasu bayan ɗaukar hoton, kada baffa ya tsinci labarin a tsakiyar jerin sunaye. A sanar da shi tun farkon wasiƙa, tare da ta'aziyya da addu'a.

Wajen haɗawa, a sa hotunan a leda saboda damshi na manna su da juna, a tokare su da kwali biyu don kada su lanƙwashe. Ko ta gidan waya da rajista, ko ta hannun matafiyi, a rubuta adadinsu a ƙarshen wasiƙa, don baffa ya ƙirga ya san ko duka sun iso.