Me Ya Sa Kibiyar Taswira Ke Nuna Gabas Kai Kuwa Kana Fuskantar Arewa?

Baƙo ya sauka a bakin kasuwar Kantin Kwari a Kano, ya buɗe Google Maps. Shuɗin ɗigon yana nuna inda yake tsaye daidai, amma hasken da ke fita daga ɗigon yana nuni wani gefe daban. Sai ka ji ya ce netwok ne. Netwok ba shi da laifi a nan.

GPS aikinsa ɗaya: ya ce ga inda kake, da kuskuren kimanin mita 5 idan sararin sama a buɗe yake. Bai san inda ka sa gaba ba, sai ka fara tafiya ya gwada inda kake ɗazu da inda kake yanzu. Shi ya sa direba ba ya ganin wannan matsala, mai tafiya a ƙasa ke fama da ita. Mai gane fuskar mutumin da ke tsaye shi ne kamfas, wato 'yar na'urar da ke auna maganaɗisun duniya.

Maganaɗisun nan kuwa rarrauna ne ƙwarai, tsakanin maikurotesila 25 zuwa 65 a doron ƙasa. Ɗan maganaɗisun da ke manne murfin rigar waya ya ninka shi nesa ba kusa ba. Haka lasifika, janareta, ƙofar ƙarfe da rodin cikin dake, duk suna jan kamfas su karkatar da shi. Alamar a bayyane take: idan hasken shuɗin ɗigon ya baje ya yi faɗi, kamfas ba shi da tabbas, idan ya tsuke, ya daidaita. Maganin shi ne a cire rigar wayar, a matsa daga ƙarafa, a jujjuya wayar a iska ana zana lamba 8 sau uku ko huɗu.

Da wannan kamfas ɗin ne manhajojin alƙibla ke aiki. Daga Kano, Ka'aba tana wajen digiri 68 daga arewa idan aka karkata gabas. Lissafin ba ya canzawa, amma wanda ya aza wayarsa kan teburin ƙarfe a ɗakin otel zai iya ganin kibiya ta kauce sosai. Ya gwada a kusurwa biyu na ɗakin; idan amsa ta bambanta, ya fita waje ya sake.

Jairoskof mataimakin kamfas ne. Shi saurin juyawar waya yake aunawa, bai san arewa ba, kuma idan aka bar shi shi kaɗai kuskurensa yana taruwa sannu a hankali. Idan aka haɗa su, jairoskof ya bi juyin hannu nan take, kamfas ya riƙa gyara masa. Wayar da ba ta da shi za ta nuna hanya, sai dai kibiyar ta riƙa rawa.

Ƙidayar taku kuma aikin akselaromita ne, wanda kusan kowace waya ke da shi, shi ne ma ke juya allo idan ka kwantar da ita. Cikinsa akwai wani ƙanƙanin nauyi na silikon da ke lilo tsakanin faranta. Duk sanda diddige ya daki ƙasa sai ya girgiza, manhaja ta nemi girgizar da ke maimaituwa a jere, kimanin sau biyu a daƙiƙa. Ba ƙafa take gani ba, girgiza take ƙirgawa. Don haka mai hawa adaidaita sahu a titi mai gargada yakan sami taku kyauta, wanda ya bar waya a caji kuwa ya yi asarar nasa.

Nisan da take faɗa ma kintace ne: yawan taku sau tsawon taku ɗaya. A ce manhaja ta ɗauka takunka santimita 75 ne, alhali 65 ne. A taku 10,000 za ta rubuta kilomita 7.5, kai kuwa 6.5 ka yi. Mai son nisa na gaskiya ya shigar da tsayinsa a manhajar, ko ya kunna GPS lokacin atisaye.

Na'urar jin kusanci ba ta da hannu a duk wannan. Ita dai ta kashe allo idan waya ta kusanci kunne, kada kunci ya katse kira. Idan allonka ya ƙi farkawa bayan kira, fara duba ko gilashin kariya ya rufe mata ido.

A ganina, a nan masu saye ke yin sake: ana tambayar kyamara da batir, ba a tambayar kamfas, alhali wayoyi masu araha da dama ba su da shi ko jairoskof, kuma babu manhajar da za ta ƙirƙiro abin da ba a saka ba. Kafin ka biya, duba layin Sensors a bayanan wayar, ka nemi Compass da Gyro. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# ka zaɓi Sensor, ka jujjuya wayar ka ga ko lambobin suna motsi.