Bitar Amsar Wani Ɗalibi Kan Tsadar Tumatir

A shekarar 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin kwando kuma ya ninka ya sake ninkawa. Da yake abin ya faru a idon kowa, malaman tattalin arziki suna yawan ɗora tambaya a kansa, su ce wa ɗalibi ya zana layin buƙata da layin samarwa, ya nuna abin da annobar ta yi wa farashi da adadin kayan da aka sayar. Amsa guda irin wannan nake so mu yi bitarta, domin kurakuranta ba na mutum ɗaya ba ne, kuma mai ita ya yi karatu, bai kasa ba sai a wajen tahkiki.

Abin da duk mai gyaran takarda zai fara dubawa shi ne ginshiƙan zane. Al'adar wannan fanni, tun daga littafin Alfred Marshall na 1890, ita ce a sa farashi, wato P, a ginshiƙin tsaye, a sa adadi, wato Q, a na kwance. Layin buƙata D ya gangaro daga hagu zuwa dama, layin samarwa S ya haura. Duk wannan ɗalibinmu ya cika shi, har ya sa alama a mahaɗar layukan biyu, inda farashi ke daidaita. Nan babu abin cewa.

Matsala ta soma ne da ya zo nuna raguwar samarwa. Da ya ji an ce kaya sun ragu, sai ya ɗauki layin S ya sauko da shi ƙasa, yana ganin ragi da saukowa abu ɗaya ne, alhali kuwa layin da ke haurawa, idan aka sauko da shi, dama ya koma, komawa dama kuwa ƙaruwa ce, ba raguwa ba. Ga yadda ake gane wannan ba tare da gardama ba: a zaɓi farashi ɗaya a ginshiƙin tsaye, a ɗora rula a kwance daga wurin, a duba inda ta yanki tsohon layi da inda ta yanki sabo. In har sabon layin ya ba da kwanduna fiye da tsohon a farashi guda, to zanen yana faɗin an samu albarkar noma ne, ko da rubutun da ke ƙarƙashinsa yana kukan annoba. A takardar nan haka aka yi: zane ya ce farashi ya faɗi, bayani ya ce ya tashi, ɗalibin bai lura hujjarsa tana rushe da'awarsa ba. Daidai shi ne a kai layin hagu, domin a kowane farashi manoma sun kawo ƙasa da abin da suka saba.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, shi ne kuma ya fi damuna. Ya rubuta cewa tun da farashi ya tashi, buƙata ta ragu, saboda haka ya ja layin D zuwa hagu. Tun da buƙata ta ragu kuma, farashi zai sauko. In ya sauko buƙata ta ƙaru, ya sake tashi. Wanda ya zauna gaban malaman tauhidi ya san wannan illa da sunan dauri, wato a ce abu ya dogara ga wani abin da shi ma a kansa ya dogara, kuma sun yi ittifaƙi cewa hujjar da ta shiga wannan kewaye ɓatacciya ce. Asalin ruɗanin shi ne rashin rarrabe tafiya a kan layi da ƙaurar layin kansa. Layin buƙata ai jadawali ne wanda ya riga ya ƙunshi amsar masu saye ga kowane farashi, mai tsada da mai araha, don haka sauyin farashin tumatir ba ya iya motsa shi. Abin da ke motsa shi sai ya zo daga waje: samun mutane ya ƙaru ko ya ragu, yawansu ya sauya, sha'awarsu ta juya, ko farashin abin da ke maye gurbinsa, kamar tumatirin gwangwani, ya canza. Uwargidan da ta je kasuwa ta tarar kashi ya yi tsada, ta sayi rabin abin da ta saba ta cika da kauɗa, ba son tumatir ta daina ba. Hawa ta yi a kan layin da take kai tun farko.

Bari mu ƙaddara lissafi don a gani a fili, alƙaluman kuwa na misali ne kawai. A ce a wata kasuwa buƙata ita ce Qd = 120 − 2P, samarwa kuma Qs = 4P, farashi a dubban naira, adadi a kwanduna. Suna haɗuwa a farashin 20, ana sayar da kwando 80. Tsutsa ta zo ta cinye kwando 60 a kowane farashi, samarwa ta koma Qs = 4P − 60. A tsohon farashi masu saye na neman 80, abin da ke ƙasa 20 ne, ga giɓin 60, sai dillalai su yi ta ƙara kuɗi har farashi ya kai 30. A nan masu saye sun haƙura da kwando 20, tsadar kuma ta jawo ƙarin kwando 40 daga garuruwan da a da kuɗin mota ke hana su kawowa, aka daidaita a kan 60. A lura cewa lissafin buƙata ko harafi ɗaya bai sauya ba, kuma duk da layin samarwa ya ƙaura da 60, cinikin da 20 kaɗai ya ragu. Ɗalibin da ya ja D hagu ya ƙidaya haƙurin masu saye sau biyu ke nan.

Sashe na ƙarshe na tambayar ya ƙara sharaɗi: a ƙaddara azumi ya kama a cikin wannan hali, kamar yadda ya kama a Yunin shekarar, gidaje suka ƙara neman kayan miya. Yanzu kam ƙaurar D ta halatta, domin sababinta daga waje ya zo, kuma dama za ta yi. Ɗalibin ya kai ta dama, sai dai ya zana ƙaurar biyu da faɗi ɗaya, ya yanke hukunci cewa adadi bai sauya ba. Wannan natija daga alƙalaminsa ta fito, ba daga tambayar ba. Raguwar samarwa da ƙaruwar buƙata duka suna tura farashi sama, saboda haka tashinsa yaƙini ne. Amma ɗaya na rage adadi, ɗaya na ƙara shi, kuma ba a san mai rinjaye ba sai an faɗi girman kowanne. A misalinmu, in buƙata ta ƙaru da kwando 30, adadi ya koma 80 a farashin 35. In da 12 ne, ya tsaya a 68. In da 60 ne, ya kai 100.

A ra'ayina, mai gyara ya ba shi makin ginshiƙai da sunayen layuka da mahaɗar farko cikakku, ya ba shi na kai D dama a sashen azumi, ya hana shi na sabon layin S da na bayanin da ya kewaye kansa. A gefen takardar kuma kada ya wadatu da jan layi da jan biro. Ya rubuta masa tambayar da zai riƙa yi kafin ya taɓa kowane layi: da farashin tumatir bai motsa ba, wannan abin da ya faru zai sauya abin da ake saye, ko abin da ake kawowa?